Me ya sa kwanakin baya-bayan nan suke fitowa da rauni a rahoton talla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da faifan sola da batura a Yamai, ina kuma talla a Google Ads. Duk ranar da na buɗe rahoto sai in tarar kwana bakwai na ƙarshe sun fi kowane lokaci muni: kuɗin da aka kashe bai ragu ba, amma Conversions sun faɗi kusan rabi. In rage kuɗin tallar ne, ko in tsayar da ita?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa kuɗin tallar tukuna, domin abin da ya fi yiwuwa shi ne ba a gama ƙirga makon ba. Google Ads yana rubuta ciniki, wato abin da yake kira Conversions, a ranar da mutum ya danna tallar ne, ba a ranar da ya biya ba. Wanda ya danna ranar Litinin, ya je ya yi shawara da maigidansa ko ya kwatanta farashi a kasuwa, sannan ya dawo ya saya bayan kwana goma, cinikinsa zai koma ya zauna a layin waccan Litinin ɗin da ta wuce. Kuɗin dannawa kuwa yana bayyana cikin ƴan awoyi. Saboda haka duk ranar da ba ta daɗe ba tana ɗauke da cikakken kuɗinta amma da wani yanki kawai na cinikinta, kuma za ta ci gaba da cika har wa'adin da aka sa na ƙirga ciniki bayan dannawa ya ƙare, wanda kwana 30 ne idan ba ka canza shi ba, ana kuma iya kai shi 90.

Kayanka ma suna cikin waɗanda suka fi jinkiri. Na daɗe ina riƙe wa ƴan kasuwa talla a nan Yamai, kuma abin da na lura da shi shi ne mai sayen turare ko takalmi yakan yanke shawara a ranar, amma mai sayen batir da faifan sola sai ya kira mai haɗa wuta ya auna masa gida, sau da yawa kuma sai albashi ya shiga a ƙarshen wata. Idan kuma a shago ake biya, kai ne kake shigar da cinikin cikin asusun tallar daga baya, to jinkirin ya zama biyu, na mai saye da naka.

Abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka auna jinkirin kasuwarka da kanka. A teburin tallolinka ka danna Segment, ka shiga Conversions, ka zaɓi Days to conversion. Wajibi ne ka zaɓi lokacin da ya riga ya nuna, wato wanda ranarsa ta ƙarshe ta haura kwana 30, domin idan ka haɗa da makonnin nan na kusa, masu saye da wuri ne kaɗai za su bayyana, sai ka ɗauka jinkirin gajere ne alhali ba haka ba ne. Ka ɗauki wata biyu ko uku a haɗe don adadin ya yi kauri.

Bari in buga misali da adadi masu sauƙin lissafi, kai kuma ka sa naka a madadinsu. A ce cikin kowane ciniki 100, guda 30 sun faɗa a ranar dannawa, zuwa kwana 3 sun kai 55, zuwa kwana 7 sun kai 75, zuwa kwana 14 sun kai 90, sauran 10 kuma suka shigo a hankali har kwana 30. A ce kana kashe jika 70 a mako, wato CFA 70,000, kuma makon da ya nuna yakan ba ka ciniki 20, kowane ɗaya ya tashi a kan CFA 3,500. Yau ka buɗe kwana bakwai na ƙarshe ka ga ciniki 12 kacal, kowane ɗaya a kan kusan CFA 5,800, sai hankalinka ya tashi. Amma a cikin kwanakin nan bakwai, jiya ba ta tara fiye da kashi 40 cikin ɗari na abin da za ta tara ba, ranar da ta fi tsufa kuma ta kai kashi 75, tsaka-tsakinsu ya kama kusan kashi 60. Idan ka raba 12 da 0.6 za ka samu 20, wato makon daidai yake da waɗanda suka gabace shi. Da a ce 7 ka gani maimakon 12, lissafin zai ba ka abin da bai kai 12 ba, kuma a nan ne za a ce lallai akwai abin dubawa.

Wannan lissafin na mako ne ko fiye, ba na rana ɗaya ba. Idan jiya ciniki 1 ka samu ka raba da 0.4, za ka ga 2.5, amma da mutum ɗaya ya ƙara saye da ka ga 5, kuma adadin da mutum ɗaya yake iya ninkawa ba abin dogara ba ne.

Ni dai hanyar da na fi amincewa da ita ba ta buƙatar rabawa ma. Kowace Litinin da safe ka rubuta a takarda cinikin da makon jiya ya nuna a wannan safiyar, ka bar gurbi a gefe don abin da makon zai nuna bayan kwana 14 da bayan kwana 30. Bayan ƴan makonni za ka iya kwatanta makonnin da suka samu kwanakin jira iri ɗaya, kamar yadda ba a gwada geron da aka shuka jiya da wanda ya fara fitar da kai. Rahoton ba ya ajiye maka abin da ya nuna a makon da ya wuce, yana sabunta adadin ne a kai, shi ya sa takardar take da amfani.

To, ta yaya za ka gane raunin gaskiya tun kafin makon ya nuna? Ka dubi abubuwan da ba sa jinkiri: yawan fitowar tallar, yawan dannawa, da kuɗin kowace dannawa. Idan waɗannan suna nan yadda suke, da wuya a ce tallar ce ta lalace. Sannan ka ƙara ginshiƙin Conversions (by conv. time), wanda yake rubuta ciniki a ranar da ya faɗa. Idan wannan yana tafiya daidai alhali na farkon yana gangarawa a ƙarshe, jinkiri ne kawai. Idan kuwa ya faɗi ƙasa warwas a rana ɗaya ya zauna a sifili, ga kuma mutane suna shigowa shago suna kira, to ka tuhumi ƙirgar kanta, musamman idan an taɓa shafinka a ranar ko an daina shigar da cinikin shago. Sai dai kada ka raba kuɗin da ka kashe yau da adadin wannan ginshiƙin, domin cinikin yau ɗin tallar kwanakin baya ce ta kawo yawancinsa. Idan ka ƙara kuɗi kwanan nan zai nuna maka tsadar da babu ita, idan ka rage kuma zai nuna maka arahar ƙarya.

Jinkirin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Dannawar ranar 25 ga wata takan zama ciniki da sauri fiye da ta ranar 8, saboda albashi ya kusa, haka nan lokacin zafi na Afrilu da Mayu, da wuta take yawan ɗaukewa, mai neman batir ba ya dogon tunani. Gab da sallar layya kuwa kuɗin mutane kan tafi wajen rago, wanda ya danna sai ya ɗage sayen. Don haka ka sake auna Days to conversion duk lokacin da yanayi ya juya, kada ka riƙe ma'aunin damina ka auna bazara da shi.

Idan naka jinkirin ya yi kama da na misalin nan, ka riƙa yanke hukuncin kuɗi a kan kwanakin da suka haura 14, ka cire makonni biyu na ƙarshe daga lissafin tsadar ciniki. Idan ka turo mana abin da Days to conversion ya nuna maka, tare da dannawa da kuɗin makonni shida na baya, za mu iya yin lissafin tare a nan.