Lambar kyauta ta dala 10 da ta ƙi shiga waya

Oga barka da dare. Bayan fitarka wani yaro ya zo shago daga Ƙauran Namoda, ba shi da katin banki, ya sayi lambar Google Play ta dala 10 don ya sa UC, kuɗin cikin wasan PUBG, na buga ta sau uku ta ƙi shiga. Lambar ce ta bogi ko ni ne ban iya ba? Kuma ya ce ko ana iya cirewa daga kiredit ɗin layinshi.

Barka kadai. Kada ka ƙara buga ta, ko sau ɗari ka buga amsa guda za ka samu. Ka karanta abin da wayar ta rubuto dai, in ta ce an riga an yi amfani da lambar to an cuci yaron, sai ya koma ga wanda ya sayar mishi. In kuwa ƙasa ta ambata to lambar lafiyarta lau, matsalar ita ce kowace lamba da ƙasar da anka yi ta dominta, ta dala ta Amurka ce, ta fam ta Ingila, shi kuma akawun ɗin yaron nan na tabbata Najeriya yake, da naira yake ganin farashi. Gobe in ya dawo buɗe Play Store, taɓa hoton akawun can sama, shiga Settings, sai General, sai Account and device preferences, ƙarƙashin Country and profiles za ka ga ƙasar da ido. Tun kafin mutum ya fidda ko sisi ya kamata a duba wurin nan.

Na san mi za ka ce, a sa VPN a maida akawun ɗin Amurka. Ban yarda a yi wanga aiki a shagona ba. Na taɓa yi ma wani mai shinkafa daga Talata Mafara shekarun baya, lambar ta shiga kam, munka yi murna, bayan kwana biyu farashin komai ya koma dala, wata manhaja da yake aiki da ita ta ɓace daga Play Store, ya ce a maida shi Najeriya anka ce sai ya jira, don ba kullum suke bari a canza ƙasa ba. Kuma ko ka dawo, canjin da ya rage a waccan ƙasar ba ya biyo ka, can yake zama. Wata guda mutumin nan yana min sintiri a shago awa mai bin bashi.

Abin da ya dace da yaron tun farko ya fi haka sauƙi. Wasanni irin PUBG da Free Fire ba dole sai ta Play Store ake zuba musu kuɗi ba, akwai shafukan da ke sayarwa kai tsaye da lambar ɗan wasa, irin Midasbuy na masu PUBG ɗin da kansu, ko Carry1st Shop. Ya buɗe wasan ya kwafo Player ID ɗinshi daga shafin sunanshi, ka liƙa a shafin, ka zaɓi abin da yake so, sannan ka duba hanyoyin biyan da sunka jera, in da taransifa ko walet irin OPay ka biya daga namu na shago shi kuma ya ba ka kuɗi a hannu har da ladan aiki. Wurin da ake faɗawa rami shi ne lambar ɗan wasan. Ka kwafa ka liƙa, kada ka buga da hannu kana hira, in shafin ya nuno sunan ɗan wasan ka juya waya yaron ya karanta ya ce nashi ne sannan ka danna biya, don lamba guda in ta kuskure wani can da ba ka sani ba ka yi ma kyauta, kuma ba a kwasowa. Kuma babu inda ake buƙatar fasuwad ɗinshi, duk shafin da ya nema ka rufe shi nan take. In taransifa ce sunka ba ka lambar akawun, ka tura daidai kuɗin da anka rubuta, kuma cikin mintunan da sunka ba ka, sannan ka ɗauki hoton rasit.

Zancen kiredit kuma, ba mu ke sa shi ba, sai kamfanin layi ya yi yarjejeniya da Google. A Play Store shiga Payments & subscriptions, sai Payment methods, da layin cikin wayar kuma da datarshi a kunne. In ka ga sunan kamfanin layin a jerin to ya samu, kuma daga asalin kuɗin katin da ya sa za a cira, bonas ba ya biya. In babu, babu wani saiti da zai fiddo shi.

Ita lambar Google Play ɗin ya adana ta kada ya tura hotonta a guruf, duk wanda ya riga shi bugawa shi ke da ita. Ya fara neman mai sayarwar ya amshe ta tunda ba a taɓa ta ba, in ya ƙi ka ce ya jira ni bayan azahar, ina da kwastoma nan Tudun Wada da akawun ɗinshi na Amurka ne tun asali, wataƙila ya saya, sai dai da ragi.