Tsakanin 13°48′ da 13.48 akwai tafiyar kilomita 36

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare, kuma ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina auna nisan gari daga ikwaita. Littafin ya rubuta Damagaram haka: 13°48′N 8°59′E. Na ninka 13.48 da 111 na samu kilomita 1,496, amma amsar da ke bayan littafi 1,532 ce. Wani abokin aikina kuma ya ce lamba ta biyun ce ake ninkawa. Wallahi hankalina ya tashi, ina tsoron in koya wa yara kuskure.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, littafin ne ke da gaskiya, kuma gyaran naki bai fi na minti biyu ba.

Bari in fara sallamar abokin aikin naki. Nisa daga ikwaita latitud kaɗai ke bayar da shi, wato lambar da ke ɗauke da N ko S. Lonjitud ba ruwansa da ikwaita, daga layin Greenwich yake ƙirga gabas ko yamma. Ki ce masa ya duba Tema ta ƙasar Gana da Greenwich ta Landan. Dukansu a kan lonjitud sifiri suke, amma Tema wajen kilomita 630 ne tsakaninta da ikwaita, Landan kuwa ta haura 5,700. In da lamba ta biyu ake ninkawa, ai da dukansu a kan ikwaita suke zaune.

Ita 111 ɗin da kika yi amfani da ita daidai ce. Daga ikwaita zuwa ƙuryar arewacin duniya kusan kilomita 10,000 ne, an raba shi digiri 90, kowane digiri ya tashi da kusan 111. Da yake duniya ta ɗan baje a ƙuryoyinta, digirin yakan sauka zuwa 110.6 a kusa da ikwaita, ya hau zuwa 111.7 a can ƙurya, amma wannan ba abin da za ki ɗora wa ɗan aji biyu ba ne.

Inda aka samu matsala shi ne 48 ɗin nan. Mintoci ne, kuma minti 60 ke cika digiri ɗaya, kamar dai agogo. Wanda ya ce miki ƙarfe ɗaya da minti talatin, ai awa ɗaya da rabi yake nufi, 1.5 ke nan, ba wanda zai rubuta 1.30 ya ce ya yi lissafi. To haka nan, sai ki raba 48 da 60, ki samu 0.8, ki haɗa da 13.

```
48 ÷ 60 = 0.8
13.8 × 111 = 1,532
```

Ga amsar littafi ta fito. Idan kina so yara su gan shi da idon basira, ki bi ta ɗaya hanyar. Minti ɗaya na latitud kusan kilomita 1.85 ne. Digiri 13 ya ba ki 1,443, minti 48 ya ba ki kusan 89, jimilla 1,532. Wannan nisa ne na miƙe sambal zuwa kudu a doron ƙasa, ba abin da mota za ta ci a kan titi ba.

Yanzu ki yi haƙuri in daɗe a nan, domin wannan kuskuren da kika yi a kan takarda, ni kusan kullum sai na gamu da shi a bakin aiki, a hannun manya masu gemu. A aji, maki biyu yaro zai rasa. A fili kuwa, wanda ya buga 13.48 da 8.59 a waya yana neman Damagaram, wayar za ta kai shi kilomita 36 kudu da garin, sannan kilomita 42 yamma, tunda 8°59′ ɗin ma 8.98 ne. Idan aka haɗa, ya kauce da kusan kilomita 55. Kuma wayar ba za ta yi masa gardama ba, za ta dasa masa jan ɗigo a cikin wata gona, shi kuwa ya gaskata saboda na'ura ce ta faɗa.

Akwai shekarar da aka kawo min jerin ƙauyukan da za a haƙa wa rijiyar burtsatse in zuba su a taswira. Wanda ya je ƙauyukan ya yi aikinsa tsaf, ya rubuta digiri da mintoci da biro a littafinsa. Akawun da ya shigar da su kwamfuta bai ga alamar digiri a madannai ba, sai ya riƙa sa ɗigo a madadinta. Da na zuba su, sai ga ƙauyen da na san a bakin kwalta yake ya koma tsakiyar daji. Abin da ya ankarar da ni shi ne na bi jerin daga sama har ƙasa, ƙauye sama da talatin, ban ga ko ɗaya da lambar bayan ɗigonsa ta kai 60 ba. Idan gutsuren digiri ne na gaske, dole a ga irin su .73 da .91 a warwatse. Wannan alama ki riƙe ta. Lamba ta wuce 59 a bayan ɗigo, ba minti ba ce. Idan ba ta wuce ba kuma guda ɗaya ce tak, ba ki da hanyar ganewa daga lambar, sai dai ki koma ga wanda ya rubuta ki tambaye shi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ofisoshin da ke buga fom da gurbi ɗaya, a ce a cike lambar wuri, ba a faɗi wane tsari ake so ba, ba a kuma ce wace lamba ke gaba ba. Sai kuma 'yan buga-bugan da suka sayi babbar waya jiya, yau sun zama safiyo, suna auna wa mutane filaye suna karɓar kuɗi. Ka tambaye shi sakan nawa ne a minti ɗaya na latitud, ya tsaya sosa ƙeya. Sakan ɗaya kusan mita 31 ne, Malama, ya fi faɗin fulotin da mutum ya yi shekaru yana tara kuɗinsa. Da irin wannan sakaci ake haɗa maƙwabta shari'ar da za ta kai ga jikoki.

Shi ma juya lambobin da abokin aikinki ya yi, mu a nan ya fi yi mana illa, domin latitud da lonjitud ɗinmu suna kama da juna. Kano tana kusan 12°N 8.5°E. Juya su, ki samu 8.5°N 12°E, sai ki tsinci kanki a wajen Ganye ta jihar Adamawa, fiye da kilomita 500 daga Kano, amma har yanzu cikin Najeriya, shi ya sa ba a saurin farga. Google Maps latitud take sawa a gaba, wasu manhajojin zana taswira kuma lonjitud suke farawa da shi, saboda haka harafin N da E za ki bi, kada ki dogara da wadda ta zo farko.

Ranar Litinin ki fara da Kano, tunda digirinta 12 ne cif, yara su ninka su samu 1,332. Daga nan ki ba su Damagaram ba tare da kin ja kunnensu ba, ki bari rabin ajin ya samu 1,496, sannan ki zana fuskar agogo a allo ki tambaye su ina minti 48 yake faɗawa. Na gida kuma ki ba su Agadas, 16°58′N, wanda ya yi daidai zai kawo miki kusan kilomita 1,883.