Amsar Yaya ga Auta kan kuɗin da ke zurarewa kafin ƙarshen wata

Tambayar Auta a zauren gida: "Yaya, don Allah ina da tambaya. Albashi na shiga, ban sayi wani abin kirki ba, amma kafin ashirin ga wata babu komai. Katin waya ma ina sawa yake ɓacewa. Ta ina zan fara dubawa?"

Amsar Yaya, an rubuta ta daga saƙon murya:

Wa alaikumus salam, Auta. To, ki fara da neman bayanan asusunki na banki, abin da suke kira sitatimen, kuma na wata uku za ki ciro. Wata ɗaya ba zai isa ba, saboda akwai kuɗin da sai bayan wata uku ake cira. Misali kuɗin kula da katin ATM, a tsarin da CBN ya fitar na 2020, naira 50 ne duk wata uku ga mai asusun ajiya. A manhajar bankinki za ki same shi, ko su turo miki ta imel. Kada ki sa a buga miki a takarda a cikin banki, wannan ma kuɗi ne, shafi-shafi suke caji.

In ya zo, ki rabu da manyan kuɗin tukuna, su haya da kuɗin makaranta, ai kin san da zamansu. Ki bi ƙananan, duk abin da bai kai dubu biyar ba kuma ya maimaita kansa, ki rubuta shi a littafi.

Za ki ga na banki da farko, kuma su mutane suka fi yi wa ihu, amma a ganina ba su ne manyan ɓarayin ba. Alat na saƙon waya da naira 4 ne, a 2025 bankuna suka mayar da shi naira 6. In alat 60 ke shigo miki a wata, 360 ke nan. Tura kuɗi zuwa wani banki kuwa, a tsarin nan na 2020, in bai wuce dubu biyar ba naira 10 ne, daga nan zuwa dubu hamsin naira 25, sama da haka naira 50, sai a ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Shi ya sa kike ganin 10.75 da 26.88 da 53.75, ba kuskure ba ne. Sai naira 50 ɗin gwamnati a kan kuɗin da ya kai dubu goma, wannan kam ba na banki ba ne, kuma ba a roƙon a yafe shi. Alat ɗin ana iya mayar da shi imel, za su ba ki takarda ki sa hannu, amma ni ban ba ki shawarar haka ba. Ke da ba kya buɗe imel sai za ki cike fom? Ranar da wani ya taɓa miki asusu, wannan saƙon na naira 6 shi zai tashe ki.

Inda zan so ki tsaya ki ƙirga da kyau shi ne wajen mai POS. Wannan ba a rubuta shi daban a sitatimen, a jikin kuɗin yake ɓoye. Za ki ga an rubuta 5,100, alhali 5,000 kika karɓa a hannu. Mu ɗauka naira 100 mai shagon layinku yake karɓa, kuma yau ki je gobe ki huta, sau 15 ke nan a wata, 1,500. Da za ki cire kuɗin cefanen mako gaba ɗaya, musamman a ATM ɗin bankinki da ba a cajin komai, da kusan duka sun dawo aljihunki. Amma ki lura, tun watan Maris na 2025 in kika je ATM ɗin wani banki naira 100 ne a kan kowace dubu ashirin, babu sauran sau ukun nan na kyauta. Sai dai fa kin fi ni sanin kanki. In kin san tsabar kuɗi ba ta kwana a jakarki, to ki cire na kwana uku-uku.

Yanzu maganar katin waya, nan ne na fi zargi. Sitatimen zai nuna miki kin sayi katin dubu ɗaya ne kawai, abin da ya faru da katin bayan nan ba ruwan banki. Gwajin mai sauƙi ne. Da daddare bayan isha'i ki duba abin da ya rage a layin:

```
*310#
```

Ki rubuta adadin, ki kashe data, kada ki kira kowa, da safe ki sake dubawa. In ya ragu, akwai abin da aka ɗaura miki. Yawanci irin su waƙar da mai kira yake ji, ko sakamakon ƙwallo, ko wasanni, ko wata gasa. Wani lokaci tallar ce take faɗowa a fuskar waya mutum ya danna bai karanta ba, wani lokaci kuma yaran gida ne da ake ba su waya su yi shiru. Wanda ake cira naira 50 kullum, a wata 1,500 ne, a shekara 18,000. Alamarsa ita ce kina sa kati, kafin ki ajiye wayar saƙo ya shigo cewa an sabunta miki wani abu. Jira yake yi, kamar kyanwa a bakin ramin ɓera. Ki danna wannan, lamba ɗaya ce ga duk layukan Najeriya:

```
*305#
```

Zai kai ki inda za ki ga abubuwan da ke kan layin, ki soke su ɗaya bayan ɗaya, ki jira saƙon tabbatarwa kada ki goge shi. Wasu za su ce miki ki tura STOP zuwa 2442. Ki tura, yana da kyau, amma wannan tallace-tallace yake tarewa, kada ki dogara da shi wajen cire abin da aka riga aka sa miki. Kuma ki maimaita gwajin daren nan bayan mako guda, don wasu mako-mako suke cira.

Sai rancen kati. Kashi 15 cikin ɗari ake ɗauka a kai, wato ki ranci dubu ɗaya a ba ki 850, ki biya dubu cif. Sau huɗu a wata, 600 sun tafi ba ki yi magana da kowa da su ba. Ita ma datar da take sabunta kanta ki duba ta, musamman ta kwana ɗaya-ɗaya, don tana cinye katin da kika sa domin kira.

Na ƙarshe, manhajojin da kika taɓa ba lambar katin bankinki, irin masu cewa a gwada kyauta na kwana bakwai. Goge manhaja daga waya ba ya soke biyan, nan mutane da yawa suke faɗawa. In ta Play Store kika yi rajistar biyan, ki shiga can, ki taɓa hotonki a sama, ki shiga Payments & subscriptions, sai Subscriptions, ki danna Cancel subscription a kan wadda ba kya so. A sitatimen za ki gane su da ranarsu, kusan rana ɗaya suke zuwa kowane wata.

Haɗa misalin nan namu: POS 1,500, abin layi 1,500, rance 600, dubu uku da ɗari shida ke nan a wata, ban ma sa manhaja ba. A shekara 43,200. Amma in faɗa miki gaskiya, Auta, in albashin yana ƙarewa tun ashirin ga wata, waɗannan kaɗai ba za su cike giɓin ba. Sauran yana wajen cefane da kuɗin mota da 'yan dubu bibbiyun da ake turawa dangi, su ma ki ba su shafinsu a littafin.

In kin soke abu a layi aka ci gaba da cira, ki kira 300 ki kai ƙara wajen kamfanin, ki karɓi lambar ƙorafin. In ba su gyara ba ki kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne, kuma za su tambaye ki lambar nan. Ki turo mini jimillar da kika samu, amma ta gefe, kada ki saka sitatimen ɗinki a zauren nan.