Icce da Gemu: Shin Koyon Harshe Yana da Wa'adi?

Tambaya: "Malam, an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, an kuma ce gemu ba ya hana ilimi. Shekaruna 41, ina son koyon Larabci. Wanne zan kama?" Daga wani tela a unguwar Zango.

Ka kama na biyu, ɗan'uwa, amma ka san iyakarsa. Masana harshe sun fi shekara 50 suna jayayya a kan wannan batu. A 1967 wani masani mai suna Eric Lenneberg ya kawo ra'ayin cewa koyon harshe yana da wa'adi a jikin ɗan Adam, daga wajen shekara 2 zuwa balaga, kuma idan wa'adin ya wuce ƙwaƙwalwa ba ta ƙara ɗaukar harshe da sauƙin da take ɗauka a yarinta. Babbar hujjarsa ita ce yaron da ya sami rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yakan farfaɗo da magana fiye da babban da ya sami irin wannan raunin.

A 1989 Jacqueline Johnson da Elissa Newport suka gwada ra'ayin a kan harshe na biyu. Sun tara mutum 46, ƴan asalin Koriya da Sin, waɗanda suka shiga Amurka tsakanin shekara 3 da 39, kuma kowannensu ya riga ya daɗe a can. Aka riƙa kunna musu jimlolin Ingilishi, wasu daidai, wasu da kuskuren nahawu, kowa ya ce wannan ta yi ko ba ta yi ba. Waɗanda suka iso kafin su wuce shekara 7 ba a iya bambanta su da ƴan ƙasa ba. Daga nan sakamako ya riƙa raguwa har zuwa balaga. Waɗanda suka iso da girmansu kuwa sakamakonsu ya warwatse, wani ya yi kyau ƙwarai, wani ya yi rauni, kuma shekarun isowa ba su ƙara nuna wanda zai fi wani ba. Abin lura shi ne jerin kalmomi a cikin jimla bai wahalar da kowa ba, ƙananan abubuwa irin su alamar jam'i su ne suka kayar da manya.

Wannan kuwa kowa yana jin sa da kunnensa a kasuwar Dole ta Damagaram. Baƙon da ya koyi Hausa da girmansa yana ciniki, yana barkwanci, yana faɗa idan ta kama, amma ka saurare shi a wurin aikatau. Muna cewa "na sayi doki", "na saye shi", "dokin da na saya": aikatau ɗaya, ƙarshe uku, gwargwadon abin da ya biyo baya. Yaron da ya tashi a Birni yana rarrabe su ba tare da wani ya taɓa koya masa ƙa'idar ba, baƙon kuwa yakan riƙe siga guda ya yi ta cewa "na saya doki" har tsufansa. Haka yake fama da tsawon wasali tsakanin garin da ake zama da garin tuwo, da karin sauti tsakanin kukan yaro da kukar miya.

Sai dai wannan bai tabbatar da cewa akwai ranar da ƙofa take rufewa ba. A 2003 Hakuta da Bialystok da Wiley suka duba bayanan ƙidayar Amurka na baƙi fiye da miliyan 2, ba su ga wani gaci da ƙwarewa ta faɗi farat ɗaya ba, sai raguwa a hankali tsawon rayuwa, kuma yawan karatun mutum yana da tasiri babba. A 2018 Hartshorne da Tenenbaum da Pinker suka gwada mutum wajen 670,000, suka ce saurin koyon nahawu yana nan da ƙarfinsa har wajen shekara 17, wato nesa da abin da aka zata tun farko. An kuma rubuta labarin wata Baturiya ƴar Ingila da ta koma Alƙahira tana da shekara 21, ta koyi Larabcin Masar ba tare da shiga aji ba, har Misirawa da yawa da suka saurari muryarta suka ɗauka tasu ce. Irinta ba su da yawa, kuma binciken da aka yi a Suwidin a 2009 ya nuna cewa idan aka tsananta gwaji ana gano ɗan bambanci ko a wurin ƙwararrun da kunne ba ya kamawa.

Ni a ganina, ga mai koyon harshe na biyu shekaru suna rage lafazi da ƙananan ƙa'idoji, amma ba su hana fahimta da karatu da rubutu. Ga babba ma akwai dalilan da ba na ƙwaƙwalwa ba: neman abinci, ƙarancin lokaci, da kunyar yin kuskure a gaban mutane. Za ka karanta Larabci, za ka fahimce shi, ko da Balarabe zai gane daga bakinka cewa kai Bahaushe ne.

Tambaya: "Kurma da bebe duk ɗaya ne?" Daga wata ɗaliba a jami'a.

A'a. Kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe wanda ba ya magana, kuma yawancin waɗanda ake kira bebaye lafiyar maƙogwaronsu ƙalau, rashin ji ne ya hana su kama magana. Masu haɗa kalmomin nan da "wawa" a zance su daina, domin kuskure ne a harshe, kuma zalunci ne.

Tambaya: "Malam, jikana ya kamu da sanƙarau yana jariri, yanzu shekararsa 3 ba ya ji. An ce mu hana shi nuni da hannu, wai idan ya saba ba zai yi magana ba. Mu jira ya isa lakwal?" Daga wata Hajiya a Garin Malam.

Hajiya, don Allah kada ku jira, kuma kada ku hana shi. A nan ne maganar icce ɗanye take da cikakken ƙarfinta, domin telan da na amsa wa a sama yana da harshe tun yana goye, na biyu yake nema, jikanki kuwa na farko yake jira, kuma bincike ya nuna waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ba su ji iyayensu masu ji ne, saboda haka da yawansu sukan yi shekaru cikin gata da ƙauna amma babu wani harshe da yake isa gare su. Newport ta yi nazarin kurame manya a Amurka waɗanda kowannensu ya yi aƙalla shekara 30 yana maganar hannu kullum. Ta kasa su uku: waɗanda suka same ta daga haihuwa a wurin iyaye kurame, waɗanda suka fara tsakanin shekara 4 da 6 da shigarsu makaranta, da waɗanda ba su fara ba sai bayan shekara 12. A maganar hannu ta Amurka aikatau yana sauya siga kamar yadda namu yake yi. Alamar "bayarwa" tana tashi daga wajen mai bayarwa ta nufi wajen mai karɓa, idan mutane da yawa aka bai wa sai hannu ya zaga, idan ana yi a kai a kai sai motsin ya maimaitu. Ƴan rukunin farko suna sarrafa wannan daidai, na biyu sun ɗan gaza su, na uku kuwa sukan riƙe siga guda su yi ta amfani da ita a ko'ina, ko su yi daidai yau su kuskure gobe. Shekara 30 na amfani ba ta cike giɓin ba.

Rachel Mayberry ce ta kawo hujjar da nake ganin ta fi kowace nauyi. Ta kwatanta mutane iri biyu da suka fara maganar hannu a makare, a shekaru kusan ɗaya. Na farko an haife su suna ji, sun koyi Ingilishi, daga baya suka kurumce. Na biyu an haife su kurame, ba su sami wani harshe sosai ba kafin nan. Da shekarun farawa kaɗai ne abin dubawa, da sakamakonsu ya zo ɗaya, amma na farko sun yi wa na biyu nisa. Ta kuma juya gwajin zuwa Ingilishi a rubuce, sai ta tarar kuramen da suka tashi da maganar hannu tun suna jarirai sun yi kafaɗa da masu ji da suka koyi Ingilishi a makaranta a matsayin harshe na biyu, waɗanda suka tashi babu harshe kuwa suna can baya. Ma'anar wannan a fili take: abin da ƙwaƙwalwa take buƙata da wuri shi ne harshe cikakke, ta kunne ya shiga ko ta ido, kuma shi ne yake ɗaukar duk wanda za a koya daga baya. Wanda ya ce muku hannu yana kashe baki ya juya maganar ne, kuma yana ɓata mini rai yadda wannan zance yake yawo a bakin mutanen da suka yi karatu.

Akwai wani abu da nake so ki bambanta. Nunin da kuke yi masa a gida, na ci da sha da "zo" da "bari", yana da amfani, amma bai kai harshe ba. Ki gwada da kanki: da wannan nunin za ki iya gaya masa cewa jiya babansa ya so zuwa kasuwa amma bai je ba saboda ruwa? Idan ba za ki iya ba, to yana rasa "jiya" da "amma" da "saboda", alhali tsaransa masu ji suna tsintar su kullum a tsakar gida. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu mai ƙa'ida, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano. Ku nemi kurame manya da suka iya, ku riƙa kai shi cikinsu sau da yawa a mako, kuma uwarsa da yayyensa su koya tare da shi, domin sa'a guda a waje ba ta isa idan gida shiru ne. Ku kai shi likita a auna abin da ya rage na jinsa, idan na'urar ji za ta taimaka a sa masa, amma wannan ya tafi tare da hannu, kada ɗaya ya jira ɗaya. Shekara 3 ba makara ba ce irin ta 12, kuma ko wanda ya kai 12 a fara masa, domin yana samun kalmomi masu yawa da hanyar bayyana kansa, nahawu mai zurfi ne yake yi masa wuya.

Tambaya: "Ɗana yana jin Barbarci a wurin uwarsa, Hausa a waje, Faransanci a lakwal. Ba za su rikita shi ba?" Daga wani malamin makaranta a Mirriya.

Ba za su rikita shi ba, Malam. Cakuɗa kalmomin da kake ji a bakinsa abu ne da aka sani ga duk yaro mai harsuna da yawa, kuma da kansa zai rarrabe wa ake yi wa wanne. Uwar ta ci gaba da yi masa Barbarci, domin shi ne ba zai samu a titi ko a aji ba.