Wane take ya dace da gangamin ba da jini a jami'a?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ƙungiyarmu za ta yi gangamin ba da jini, muna neman taken da za a buga a riguna da fastoci. Wasu sun ce 'Sadaukar da jininka, ka ceci rayuka uku', wasu kuma sun ce 'Jini ya fi ruwa kauri'. Wanne ya fi?"

Amsa: Allah ya yi miki albarka, 'yata, ke da abokan aikinki. Duka biyun ban goyi bayansu ba, kuma kowanne da dalilinsa.

"Sadaukar" tushenta ɗaya da sadaka, asalinta ba ta da aibu. Amma ki saurari inda take fitowa a bakin mutane yau: soja ya sadaukar da ransa, uwa ta sadaukar da ƙuruciyarta. Abin da aka sadaukar ya tafi ke nan, ba a sa ran dawowarsa. To wannan shi ne ainihin abin da ke hana ɗalibi miƙa hannunsa, domin ya taso yana jin cewa in aka ɗebi jinin mutum zai rame, ƙarfinsa ya ragu, jinin kuma ba ya komawa yadda yake. Kun ga takenku zai tabbatar masa da tsoronsa da manyan baƙaƙe. Ga kuma halin da Zamfara take ciki. Kunnen da ya gaji da jin labarin zubar da jini, in ya ji "jini" da "sadaukarwa" a jimla ɗaya, ba ɗakin gwaji zai tuno ba. A ce "ba da jini" kawai. Haka ake faɗa a asibiti, inda za ki ji "an ɗebi jini", "an yi ƙarin jini", "ana neman leda biyu".

"Rayuka uku" kuma magana ce mai sharaɗi. Tana zama gaskiya ne idan akwai na'urar da ke raba leda ɗaya gida uku: jajayen ƙwayoyin jini, da ruwan jini, da ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Inda babu ita, ledar ɗungurungum ake ƙara wa mutum ɗaya. Ku tambayi ma'aikatan da za su zo ɗiban jinin yadda suke yi kafin ku buga lamba a riga. Sannan "jininka" da "ka ceci" sun fitar da ke kanki da duk 'yan hostel ɗin mata daga cikin maganar.

Na biyun ya fi daɗi a kunne, amma ya fi na farko ɓarna. Yaushe ake cewa jini ya fi ruwa kauri? Sai lokacin da mutum ya zaɓi ɗan'uwansa ya bar bare. Jinin da ke cikin wannan magana dangantaka ce, irin wanda ake nufi in an ce "wane jinina ne". Ma'anarta: naka shi ne naka. Wannan kuwa ita ce al'adar da gangaminku ya zo ya gyara. A asibitocinmu, in mace ta haihu jini ya ɓalle mata, ko yaro mai sikila jininsa ya yi ƙasa, sai a ce wa dangi su je su nemo wanda zai bayar. Sai ki ga miji tsaye a baranda da tsakar dare yana kiran ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, wannan waya a kashe, wancan ya zo an gwada an ce nasa bai isa a ɗiba ba. Ku kuma kuna roƙon ɗalibi ya ba wanda bai sani ba, ba zai taɓa gani ba, domin a tarar da jinin a ajiye kafin a buƙace shi. Karin maganar da ke fifita dangi ba za ta yi muku wannan aiki ba.

Ga abin da nake ba ku shawara: "Ba da jini, farin jini."

Wannan ba tsohuwar karin magana ba ce, kada ku ce wa kowa daga kakanni aka gada. Ƙira ce sabuwa a kan tsohon ma'auni. Ki ƙirga gaɓoɓin: ba-da-ji-ni, huɗu, fa-rin-ji-ni, huɗu. Ɓangare biyu ne masu tsawo ɗaya, na farko ya kawo aiki, na biyu ya kawo sakamako, kamar yadda ake cewa "Gani ya kori ji" ko "Haƙuri maganin duniya". Babu "ka", babu "ki", saboda haka ta ɗauki kowa. Kalmar "jini" ta zo sau biyu da fuska biyu: ta farko jinin jiki, ta biyu ƙaunar jama'a. Bahaushe kan ce wane yana da farin jini in mutane suna son sa ba tare da ya roƙa ba, kishiyarsa kuma baƙin jini. Duk wanda ya zauna da matasa ya san babu abin da suke gudu kamar baƙin jini. Taken ya ɗauke kalmar daga wajen tsoro ya kai ta wajen da ɗalibi yake sha'awa. Ku rubuta da daidaitacciyar Hausa tunda jami'a ta tara mutanen ko'ina. Bazamfare zai karanta "hwarin jini" da bakinsa, ma'aunin bai canja ba.

Na san wani zai ce wannan kira ne zuwa ga riya. Ban raina wannan magana ba. Amsata ita ce a wurin Bahaushe farin jini baiwa ce da Allah yake sa wa bawa, shi ya sa ake addu'ar "Allah ya ba ka farin jini", ba abin da ake saye da nuna kai ba ne. Duk da haka, takardar da za a liƙa a masallaci ko a coci ku sa mata "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza". Wannan tsohuwa ce, kowa ya san ta, kuma ta dace da kyautar da mai bayarwa bai san inda za ta sauka ba.

Take shi kaɗai ba ya kashe tsoro, sai da layi ɗaya ko biyu na bayani a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe. Abin da ake ɗiba wajen mililita 450 ne, bai ma kai ledar ruwan sha ɗaya ba, alhali babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Ana karɓa daga mai shekara 18 zuwa sama wanda nauyinsa ya kai kilo 50, bayan an auna jininsa an ga ya isa. Ku ƙara da "A ci abinci, a sha ruwa kafin a zo", domin zuwa da yunwa daga lacca na iya sa mutum jin jiri bayan ɗiba.

Kafin ku kai wa mai buga riguna, ku faɗa wa 'yan ajinku taken sau ɗaya a baki, kada ku nuna musu a rubuce. Washegari ku tambaye su. In sun maimaita shi daidai, ku buga. In kuma kun ji yawancinsu sun sauya wata kalma, ku duba sauyin da kyau, wataƙila nasu ya fi sauƙin faɗa, sai ku ɗauki nasu.