Barcin rana a wuri uku ga yarinya ɗaya: gida, gidan reno da ɗakin kaka

Tambaya: Likita, 'yata watanta 10. A gida tana barcin rana sau biyu, ta kwanta bayan isha'i. Tunda na koma aiki komai ya rikice. Litinin zuwa Laraba tana gidan reno, ina ɗauko ta jiki lakwas, ko nono ba ta kamawa sosai. Alhamis da Juma'a tana wajen Hajiyar maigidana, ba ta barci sai bayan la'asar, sai mu kwana zaune. Hajiya ta ce a riƙa ɗiga mata Firiton kamar yadda kowa ke yi. Hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar uwa, kafin mu zo kan lissafin awowi, kada ki bari a ɗiga mata komai. Kuma gobe da safe ki tsaya gaban mai gidan renon ki tambaye ta kai tsaye: akwai abin da ake ba yara a baki kafin barci? Yaron da ya yi barcin gajiya yana tashi da kuzari, ya nemi nono, ya yi kuka mai ƙarfi. Wanda aka ba magani kuwa sai ki yi ta jijjiga shi kafin ya buɗe ido, wuya ya saki, leɓe ya bushe, ya kama nono ya saki. Ban ce haka ake yi wa 'yarki ba, don rashin barcin safe ma yana galabaitar da yaro. Amma abin da kika kwatanta ya isa a bincika.

Wannan magana ta "ɗan magani ne kawai" ta ishe ni. Kullum sai na ji ta a asibiti, daga bakin kaka, daga bakin 'yar aiki, har daga bakin mai kemis da bai taɓa auna nauyin jariri ba amma yana rubuta cokali a bayan kwali. Firiton maganin ƙaiƙayi ne da borin jini. Barcin da yake sawa illarsa ce, kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba sai likita ya duba ya rubuta. Fenagan ya fi shi haɗari: an hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2 saboda yana danne numfashi, yaro na barci numfashinsa na raguwa, babu kuka, babu wanda zai farga. Wasu har maganin tari mai kodin suke nema, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi tun 2018. A wasu yaran ma abin juyewa yake yi, maimakon barci sai yaro ya birkice da ihu da fizge-fizge, sai mai reno ta ce bai ji ba, ta ƙara cokali. A haka ake kawo mana su da daddare. Kuma wanda ya tuna maganin haƙori na My Pikin, da ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008 saboda gubar da ke cikinsa, bai kamata ya riƙa ɗura wa lafiyayyen yaro ruwan kwalba don kawai a samu shiru a ɗaki ba. Hujjar "mun ba namu sun girma" ba ta shiga kunnena, don waɗanda ba su girma ba babu mai kawo su misali. In wata rana kika ɗauko ta ta ƙi farkawa, ko numfashinta ya yi sanyi, ko leɓenta ya canza launi, ki wuce asibiti da ita a take, ki tafi da kwalbar in kin same ta.

Yanzu tsarin barcin. Ba za ki taɓa mayar da gidan reno ya zama ɗakinki ba, kuma ba ki buƙatar hakan. Yara suna gane cewa kowane wuri da yadda ake yi. Abin da ya kamata ya zama ɗaya a wuraren uku shi ne tsawon lokacin da take yi ido biyu. Yarinya 'yar wata 10 tana jure awa uku zuwa huɗu kafin ta buƙaci kwanciya. In ta tashi ƙarfe 6 na safe, barcin farko ya kama wajen ƙarfe 9, ta yi kamar awa ɗaya. Na biyu ya kama wajen 1:30 zuwa 2, ta tashi kafin ƙarfe 4. Daga nan sai kwanciyar dare tsakanin 7:30 da 8. Bambancin rabin awa gaba ko baya ba zai ɓata komai ba, kada ki tayar da rigima a kansa.

Matsalar gidajen reno da yawa ita ce suna kwantar da kowa lokaci ɗaya bayan abincin rana, domin hakan ya fi wa ma'aikata sauƙi. Wannan ya dace da ɗan shekara ɗaya da rabi da ya koma barci sau ɗaya. 'Yarki kuwa an sa ta zama awa shida ido biyu ke nan. Ki roƙi abu guda: a kwantar da ita ƙarfe 9 a wani lungu mai shiru, ko da na minti 40 ne. Ki nemi ma'aikaciya ɗaya da za ta riƙa kula da ita, ki ajiye ɗan littafi a jakarta a riƙa rubuta lokacin da ta kwanta da lokacin da ta tashi. Ki leƙa inda take kwanciya da idonki: a rigingine, kan katifa mai tauri, babu filo, babu tarin zannuwa, kuma ba a bar ta da fida a baki ba.

Wajen Hajiya kuwa, ki ajiye agogo da takarda. Ranar da kika miƙa wa uwar miji jadawali, ranar kika zama mai koya mata reno, ita da ta reni wanda kike aure. Ki ɗaura tsarin a kan abin da take yi kullum: barcin hantsi bayan an karya, barci na biyu da an idar da azahar, a tashe ta in an kira la'asar. Nan ma al'ada na bayanki, domin tsofaffinmu da kansu ba sa son barcin bayan la'asar. Ki ce, "Hajiya, in ta wuce la'asar tana barci kwana muke ba mu runtsa ba, a taimaka mana a tashe ta." Maganar Firiton kuwa ki bar wa maigida, shi ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa likita ya hana. In goyo ne yake sa ta barci a wajen Hajiya, a goya ta, babu laifi, muddin fuskarta a buɗe take kuma ba a lulluɓe ta da mayafi a cikin zafi ba. Abin da yake hana ta barcin rana a can galibi hayaniyar jikoki ce da talabijin, don haka a shiga da ita ɗaki, a saki labule, a rera mata waƙar da kike rera mata a gida.

Ki ba tsarin mako biyu kafin ki yanke hukunci, kuma Asabar da Lahadi ki riƙe shi yadda kika roƙi wasu su riƙe. Ranar da barcin ranan ya lalace, ki kwantar da ita da wuri, da an yi magariba. In bayan mako biyu har yanzu tana dawowa daga gidan renon jiki a sake, ko suka ƙi barinki ki shigo da rana ba tare da sanarwa ba, ki cire ta daga wurin, ki kawo ta a duba ta.