Bai yi kuka ba, in fara ƙirga maki ne?

"Anti, jiya a leba an haifi yaro bai yi kuka ba, na tsaya ina lissafin makin Apgar sai sista ta karɓe shi a hannuna. Me ya kamata in fara yi?"

Ƴata, sista ta yi daidai wallahi. Makin nan sai minti 1 ya cika ake ba da shi, sannan a minti 5, shi kuwa yaron da baya numfashi ba zai jira ki ba. Yana faɗowa ki ɗora shi a kan cikin uwarsa ki goge shi sosai da busasshen zani, kai da baya, gogewar nan ita kanta tana tada numfashi. Ki yar da jiƙaƙƙen, ki rufa musu wani, ki sa masa hula. Idan kin goge kin shafa bayansa har yanzu shiru ko yana ta haki, to ki ɗaure cibiya ki yanke maza, ki sa masa ambubag kafin mintin farko ya cika, wajen matsa 40 a minti, idonki a kan ƙirjinsa ki ga yana tashi. Ban da ɗaga shi ta ƙafa ana mari don Allah.

Makin abu biyar ne, kowanne 0 zuwa 2: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jiki, motsi in an taɓa shi, da kala. Misali a minti 1 kin taɓa gindin cibiya kin ƙirga bugu 12 a sakan 6, wato 120 kenan, ya haura 100, maki 2. Numfashi sama sama, 1. Hannu da ƙafa sun ɗan lanƙwashe, 1. Ya yamutsa fuska kawai, 1. Leɓe da harshe jajir amma tafin hannu da ƙafa shuɗi, 1, kuma a yaranmu baki za ki duba ba fata ba. Jimla 6. In a minti 5 bai kai 7 ba sai ki ci gaba da aunawa duk minti 5 har zuwa 20.

Wanda ya yi kuka kuwa babu gaggawar yanke cibiya, ki bari minti 1 zuwa 3 jini ya gama shigar masa. Ki shafa kulohezidin na cibiya, ki nuna wa kaka yadda za ta riƙa shafawa kullum, ki ce mata ba gashi da tsumma, ba toka, ba man goge baki. Ja a kewaye, ko wari ko mugunya, su dawo asibiti a ranar.

Wanka sai bayan awa 24, ko a Afrilu ne jariri na yin sanyi. Ki bar shi a ƙirjin uwa fata da fata ya kama nono cikin awar farko, dakashin nan da ake matsewa a zubar shi ya kamata ya fara sha, ba ruwa ba zuma. Ki tsaya ki ga bakin ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, in uwar na jin zafi ki cire shi a hankali ki sake gyara kamun.